Takobi mai layi uku da jinjirin wata biyu: yadda ake gane shekarunsa

Tambaya: Malam, ni mazaunin Katsina ne, ina tara kayan da, da niyyar wata rana in buɗe ɗan ɗakin tarihi. An kawo mini wani takobi miƙaƙƙe mai layi uku da tambarin jinjirin wata biyu, ƙotarsa ta tagulla, tare da wata wuƙar hannu. Mai sayarwa ya rantse tun kafin jihadi suke. Ta yaya zan gane gaskiya ba tare da na lalata su ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya cika maka wannan buri. Kafin komai, kada ka bari kowa ya goge su. Kada a sa musu toka da lemun tsami, kada a sa tsamiya, kada a kai su wajen mai wasa wuƙa. Baƙin da ke jikin ƙarfen da daudar da ta taru a lungunan ƙota su ne shaidunka, idan aka wanke su an wanke rabin amsar.

Sannan ka cire wa ranka cewa takobi shekara ɗaya gare shi. A ƙasarmu takobi abu uku ne da aka haɗa: ruwan takobin, ƙota, da kube. Kowanne da mai yinsa, kowanne da zamaninsa. Ruwan zai iya fitowa daga wata ƙasa, maƙerin fari ya yi masa ƙota a nan, baduku ya ɗinka masa kube. Kube yakan mutu cikin rayuwar mutum ɗaya saboda zufa da damina da gara. Ƙota takan fi shi daɗewa, amma ita ma tana girgiɗa a sake ta. Ruwan kuwa yakan ga kaka ya ga jika ya ga tattaɓa-kunne. Kamar tsohon soron ƙasa ne a cikin birni: yaɓen na bana ne, azarar ta zamanin kakanka, tushen kuwa babu mai rai da ya ga ranar da aka sa shi. Don haka rantsuwar mai sayarwa za ta iya zama gaskiya a kan ruwan, ta zama ba haka ba a kan ƙota, shi kuma bai yi maka ƙarya da gangan ba.

Mu fara da ruwan, don shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Takobinmu na ƙasar Hausa da Azbin miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawon ruwansa yawanci tsakanin santimita 75 da 85, bakinsa a zagaye maimakon tsini mai soka, domin takobin sara ne. Mai layi uku irin naka tsofaffi suna ce masa tamogashi, wanda ba shi da layi ko ado ko kaɗan dunhu, mai faɗin gindi sosai da ke tsukewa zuwa baki kuma fate-fate. Wannan siffa ta daɗe ba ta canza ba, shi ya sa siffa kaɗai ba ta ba da shekara. Abin da take ba ka shi ne dangi. Idan ka ga gicciyen da ke kare hannu siriri ne na baƙin ƙarfe, da 'yan harsuna biyu da suka sauko kan ruwan, kan ƙotar kuma faifai ne shimfiɗaɗɗe, ƙarshen kuben ya buɗe kamar ganye, wannan ɗan gabas ne, na Sudan da Wadai, ko da a Daura aka same shi. Namu gicciyensa faffaɗa ne kamar ɗan allo, a lulluɓe da fata ko tagulla.

Tambayar farko ita ce: a ina aka ƙera ruwan? A ƙarni na 19 ruwan takubba masu ɗimbin yawa suna ƙetaro Sahara daga Tarabulus a bayan raƙuma, tsirara, babu ƙota. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kimanin dubu hamsin ake shigowa da su Kano duk shekara, a yi musu ƙota a can a rarraba, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga garin Solingen na Jamus suke. Wannan lissafi yana gaya maka abu biyu. Samun ruwan Turai a takobin Bahaushe ba abin mamaki ba ne, kuma ba ya rage masa asali. Na biyu, mafi yawan ruwan Turai da ke hannun mutane yanzu na ƙarni na 19 ne, wato bayan jihadi, domin a lokacin ne aka fi kwararo su. Akwai waɗanda suka girme haka, amma su ne 'yan kaɗan, kuma sai an kawo hujja.

Ka fitar da takobin tsakar gida da hantsi, ka riƙe ƙotar kusa da idonka, ka miƙa bakin wajen haske, ka bi layukan nan uku da kallo. A Solingen da manyan duwatsun wasa masu juyawa da ƙarfin ruwa ake fafe su, saboda haka za ka gan su a miƙe sak, zurfinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, ƙarshensu kuma yana ɓacewa a hankali cikin ƙarfen. Maƙerinmu na gida da hannu yake kankare nasa, da ƙarfe mai kaifi da magagari. Nasa za ka ga suna ɗan karkacewa, wani wuri ya yi zurfi wani ya yi sama-sama, wani lokaci biyu su kusa haɗewa. Wannan karkacewa ba aibi ba ce. Ni a wurina takobin da aka narka tamarsa a ƙasar nan aka ƙera shi a nan ya fi muhimmanci ga ɗakin tarihin Katsina a kan wanda aka yi dubu irinsa a masana'antar Jamus, ko da yake kasuwa ba ta ganin haka.

Daga nan ka duba kauri. Ka sa yatsu biyu ka kama tsakiyar ruwan a gindi, ka zame su a hankali zuwa baki, kana kiyaye kaifi. Tsohon ruwa na yaƙi kaurinsa yana raguwa sannu a hankali, shi ya sa idan ka ɗaga shi yake zama a hannu ba ya jan wuyan hannunka ƙasa, kuma duk takobin da wuya ya wuce kilo ɗaya da yawa. Wanda aka yanko daga falankin ƙarfe na zamani kaurinsa ɗaya daga gindi har baki. Idan kuma da giranda aka gyara shi, za ka ga ƙananan ƙarce masu lanƙwasa a jere reras, tazararsu ɗaya, abin da dutsen wasa na hannu ba ya bari. Akwai kuma gwajin tanƙwasawa, amma a yi shi da tausayi: ka dafa bakin a kan katako, ka ɗan danna kaɗan. Ƙarfen da aka ba ruwa da kyau yana komawa daidai nan take, mai taushi kuwa yana zama a karkace. Kada ka yi wannan gwaji idan ka ga tsaga ko ramukan tsatsa masu zurfi. Ka kuma sani sifirin ɗin mota ma yana komawa daidai, kuma maƙera sun daɗe suna ƙera takubba da shi, saboda haka wannan gwaji yana nuna ingancin ƙarfe ne kawai, ba tsufa ba.

Abin da ya fi nuna tsufa shi ne cin wasa. Takobin da aka yi shekaru ana ratayawa ana wasawa yana ramewa daga tsakiya zuwa baki, gindinsa kuma ya zauna da faɗinsa, domin ba a cika wasa kusa da ƙota ba. A tamogashi wannan yana fitowa fili: layukan gefe biyu, waɗanda asali suna da tazara da kaifi, sai ka ga kaifin ya matso su, wani lokaci har ya cinye ƙarshensu. Wannan rama ba ta zuwa daidai a ɓangarorin biyu, gefen da mai shi ya fi sara da shi ya fi cinyewa. Mai yin jabu yana iya sa tsatsa cikin mako guda, amma da wuya ya zauna ya rame ƙarfe ta wannan hanya.

Yanzu ga jinjirin watan, wanda shi ne ya fi ruɗar masu saye. Asalin tambarin na maƙeran Jamus ne, jinjirin wata mai fuskar mutum, da ido da hanci da baki. Da mutanenmu da Buzaye suka ga ruwa mai kyau yana zuwa da shi, sai ya zama alamar nagarta, har wasu suka ɗauke shi abin kariya. Daga nan maƙeran gida suka riƙa buga shi a nasu, kuma har yau ana bugawa. Haka ya faru da ɗan zanen kerkeci mai gudu, wanda asalinsa na garin Passau na Jamus ne, 'yan Solingen suka kwaikwaya, mu ma muka kwaikwayi nasu. Haka zaki, da dunƙule mai gicciye a kansa, da ɗan ƙuda, waɗanda ake gani a ruwan Solingen na tsakiyar ƙarni na 19. Tambari dai shi ne mafi raunin shaidu. Kasancewarsa ba ta tabbatar da komai, yadda aka buga shi ne ke magana.

Ka samo madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, da tocila. Ka kwantar da hasken ta gefe yadda zai yi inuwa a cikin tambarin. Na masana'anta da hatimi guda ake buga shi, bugu ɗaya, tun ƙarfen bai sha ruwa ya taurare ba. Yana shiga da zurfi, fuskar tana fitowa da kamanninta, kuma idan akwai biyu, kamanninsu ɗaya ne domin hatimi ɗaya ya haife su. Shekaru kuma sun cinye gefensa tare da sauran jikin ruwan, ya yi sumul. Wanda aka ƙara daga baya a kan ƙarfe mai sanyi ba ya shiga sosai. Sau da yawa an harhaɗa shi ne da bugu da yawa, lanƙwasa ɗaya ta bayan watan, 'yan ɗige-ɗige a madadin ido da baki, har fuskar ta koma kamar haƙoran zarto. Idan sabo ne ƙwarai, farcenka zai ji gefensa ya ɗan taso. Sai kuma ka duba dangantakarsa da tsatsa. Idan ramukan tsatsa sun ci cikin tambarin kamar yadda suka ci kewayensa, tare suka tsufa. Idan layin tambarin ne ya yanka ta kan tsofaffin ramuka, cikinsa kuma fes, to ƙarfen ya riga shi tsufa.

A nan zan ja kunnenka game da lambobi. Idan ka ga 1414 ko 1441 a jikin ruwa, ba shekarar ƙira ba ce. Maƙeran Jamus sun riƙa buga waɗannan lambobi ɗaruruwan shekaru bayan wannan lokaci. Sunan ANDREA FERARA, wani tsohon maƙerin takubba na Italiya, ma haka, an buga shi a ruwan da mai sunan bai taɓa gani ba. Rubutun Larabci kuma, aya ce ko addu'a, ana iya ƙara shi a kowane zamani. Ka duba ko sassaƙa shi aka yi ko da ruwan guba aka cinye shi. Ruwan da aka lulluɓe gaba ɗaya da rubutu mai maimaita kansa, wanda ba ya karantuwa sosai, an fi saninsa da Sudan ta zamanin Mahadi, daga 1881 zuwa 1898, da abin da ya biyo baya. Jin labarin Gajere, takobin da ake cewa da shi Korau ya kashe Sanau, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, da takobin Bayajida da ke fadar Daura, yana sa duk wanda ya ga gajeren takobi mai rubutu ya fara mafarki. Waɗancan suna da gidan da ya riƙe su da mutanen da suka gaje su hannu da hannu. Wanda ya zo maka a buhu ba shi da wannan.

Ƙota ita ce ta fi saurin faɗin gaskiya, domin ƙa'idarta ɗaya ce: ƙota ba ta girmi mafi ƙuruciyar abin da ke jikinta ba. Sai ka bi ta gaɓa-gaɓa kana neman ɗan autan. Tsofaffin ƙotoci kansu dunƙule ne, kamar ƙwallon da aka ɗan danne, na baƙin ƙarfe ko na tagulla, galibi rabi biyu aka haɗa aka like da narkakkiyar tagulla, kuma yana da girman da zai daidaita nauyin ruwan. Wanda kansa ya zama faifai mai ɗauke da 'yan faranta na tagulla da jan ƙarfe an jera su suna tsukewa sama kamar hasumiya, wannan salon Buzaye ne na baya-bayan nan, ya fi yawa a ƙarni na 20. Ka duba can ƙoli, inda wutsiyar ruwan ta ɓullo. A tsohon aiki dakanta ake yi da guduma ta baje ta riƙe komai. Idan ka ga noti, ko ɗigon walda, magana ta ƙare a kan wannan ƙota. Haka idan ka ga sanholo, wanda za ka gane shi da rashin nauyi da fari mai toka-toka, ko roba, ko zaren leda a ɗinkin fata. Azurfa baƙi take yi idan ta tsufa, sanholo ba ya yi. Ɗan maganaɗisu zai gaya maka ko akwai baƙin ƙarfe a ƙarƙashin fata ko tagulla ba tare da ka ɓare komai ba.

Adon tagullar ma yana magana. Tsohon maƙerin fari da hannu yake tafiyar da ƙarfen zane yana jujjuya shi, ya bar layi mai ɗan zigizaga, da ɗige-ɗige da da'irori waɗanda ba su zama daidai da juna ba. Abin dubawa shi ne inda zanen ya shafe. Hannu yana cin tagulla a wuraren da yake taɓawa: tsakiyar mariƙi, gefen gicciye inda babban yatsa ke zama, da gefen dunƙulen da ke gogar riga. A can zanen zai dushe, a lunguna kuma ya zauna da kaifinsa cike da baƙar dauda. Ƙotar da zanenta ya dushe ko'ina daidai wa daida an bi ta da takardar goge ƙarfe ne. Wadda aka lulluɓe duka da tagulla mai furanni da aka bugo daga ciki suka taso, har da kuben, ka fara tunanin Bida, domin aikin Nufawa ne aka fi sani da haka. Idan kuma ka ga an rungume gindin ruwan da faranta biyu na ƙarfe an ɗaure da ƙusoshi, wannan dabara ce ta ɗora ruwan da wutsiyarsa ta karye ko ta gajarta a kan sabuwar ƙota. Alama ce cewa an ga darajar ruwan har aka ƙi yar da shi.

Bari in ba ka misalin wani da aka kawo mini daga wani gida a ƙasar Daura, don ka ga yadda shaidun ke haɗuwa. Masu shi sun ce kakan kakansu ya yi yaƙi da shi. Tsawon ruwan santimita 79, faɗinsa a gindi ya kusa huɗu da rabi, amma daga tsakiya ya rame ƙwarai, kaifin gefe ɗaya ya cinye ƙarshen layin da ke kusa da shi. Layukan uku a miƙe suke sak, kaurin yana raguwa yadda ya kamata, launin ƙarfen toka-toka mai duhu da ɗigon baƙi nan da can. Duk wannan ya nuna ruwan Turai ne da ya sha aiki. Jinjirin watan kuwa da na sa madubi sai na ga kowanne da bugu biyar ko shida aka harhaɗa shi, na dama bai yi kama da na hagu ba, amma gefensu ya yi sumul kuma tsatsa ta ci cikinsu. Wato a nan ƙasar aka ƙara su, kuma an daɗe da ƙarawa. Da na zo kan ƙota, a ƙarƙashin inda aka dake wutsiyar akwai wani ɗan faifai fari mai huji da aka sa don ya riƙe dunƙulen. Na karkata tocila sai ga ƙafafun tauraro mai tsini shida suna leƙowa. Kobo ne mai huji na zamanin Turawa, irin wanda aka fara bugawa a 1907. Kuben kuma jar fata ce da adon korino, ɗinkin hannu, amma hamilar da zaren zamani aka saƙa ta.

Abin da na rubuta musu shi ne: ruwa na Turai, mai yiwuwa Solingen, ƙarni na 19, tambarin wata aikin gida, tsoho, ƙota an ɗaura ta ko an sake ɗaure ta bayan 1907, kube da hamila na baya. Ka ga labarin gidan bai faɗi ba. Mutumin da ya yi yaƙi kafin zuwan Turawa Katsina a 1903 zai iya riƙe wannan ruwa, 'ya'yansa su sake masa ƙota don hawan salla. Abin da shaidun ba su ba ni ba shi ne ikon cewa ya riga 1807, shekarar da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina. Da kuɗin da aka sa a wurin riyal ne na azurfa mai hoton Mariya Tariza, da 1780 ɗin da ke jikinsa ba ta taimaka ba, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na 20.

Game da tsatsa, tsohuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, ta kama jiki, ba ta bin yatsa, kuma ba ta rufe ko'ina daidai. Wadda aka jawo da gishiri ko ruwan batir ko binnewa a ƙasa mai laima ja ce kamar garin bulo, tana bin hannu, ta shafe ruwan gaba ɗaya kamar fenti. Ka leƙa daidai inda ruwan ya shige cikin gicciye. A tsohon haɗi za ka ga baƙar dauda ta mai da ƙura ta cike wurin ta taurare. Idan ruwan ya yi baƙi amma wannan lungu fes yake, ko ka ga gam, to kwanan nan aka aurar da su.

Wuƙar hannu da wannan ido za ka dube ta, sai dai ita dangi ne ya fi wuyar rabewa. Wadda kubenta ke da zoben fata mai faɗi da ake zura hannun hagu a ciki, ta kwanta a bisa damtsen ƙasa ƙotarta na kallon tafin hannu, kan ƙotar kuma ya yi gicciye, ta Buzaye ce da maƙwabtansu, mu ma mun yi amfani da ita. Wadda ƙotarta ke da saƙar fata, wani ɗan ƙarfe kuma ya ɓullo a ƙoli, zoben nata siriri na ɗaurawa sama da gwiwar hannu, ta fi kama da ta Tubawa da mutanen gabashin Nijar da Chadi. Ka auna zoben da hannunka, ka duba cikinsa: wanda aka saka shekaru yana baƙi yana sheƙi saboda zufa, ya kuma ɗauki siffar hannu. Na tsaraba zobensa a zagaye yake kamar ranar da aka ɗinka shi, wani ma hannun yaro ba zai shiga ba. Lanƙwasassun wuƙaƙe masu faɗi da ƙashi a tsakiya, irin na Yaman, yawancinsu alhazai ne suka zo da su, masu siririn lanƙwasa da kan ƙota kamar buɗaɗɗiyar wutsiyar ɗawisu kuma na Maroko ne.

Abu ɗaya da ya kamata mutumin Katsina da Daura ya sa wa ido, saboda kusancinmu da Maraɗi da Damagaram, shi ne wuƙar bakin bindiga ta sojan Faransa da aka yanke aka yi wa ƙotar gida. Idan ruwan wuƙarka kaifi ɗaya ne, bayansa kuma ya yi kauri da faɗi yadda in ka dube shi ta baki zai yi siffar harafin T, ka duba doron kusa da ƙota. Sau da yawa akwai rubutun Faransanci na hannu mai ɗauke da sunan masana'anta, kamar St Etienne, da wata da shekara. Wannan kam shekarar ƙira ce ta gaskiya, kuma irin wannan ƙirar ta 1874 ce, saboda haka wuƙar ba za ta riga wannan lokaci ba.

Tunda niyyarka ta ɗakin tarihi ce, akwai maganar doka da bai kamata ka tsallake ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan sana'ar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta taƙaita saye da sayar da su ga waɗanda hukuma ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje sai da izini. Idan bincikenka ya nuna takobin tsoho ne, ka je gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ka yi magana da ma'aikatansa kafin kuɗi su shiga tsakani. Ka kuma matsa wa mai sayarwa da tambaya cikin ladabi: daga wane gari, wane gida, wa ya ba shi, da sanin magada ko babu? Kayan da aka zare daga ɗakin wani tsoho ba da sanin 'ya'yansa ba bai dace da ɗakin da kake son ginawa ba, komai kyansa.

Duk abin da aka gaya maka ka rubuta shi da sunan labari, da ranar da aka faɗa, a gefe guda kuma ka rubuta abin da idonka ya gani: tsawo, faɗi a gindi da tsakiya, nauyi, yawan layuka da tsawonsu, hoton kowane tambari da ɗan ma'auni a kusa da shi. Kada ka haɗa biyun a jimla ɗaya. Wajen ajiya kuma, ka raba ruwan da kube, domin fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima tana kuma cin ƙarfe, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Ka share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ka shafa wa ruwan man keken ɗinki kaɗan yadda ba zai yi naso ba, ka kiyaye kada man ya taɓa fata ko ya gangara cikin ƙota. Man gyaɗa da man shanu suna daskarewa su yi tsami, kada a sa su. Jar tsatsa mai bin hannu ita kaɗai ake cirewa, da mai da ɗan tsinken itace, a hankali, baƙar kuwa a bar ta inda take. Kuben a cusa masa takarda marar rubutu mai laushi a bakinsa don kada ya shafe, a kwantar da shi kusa da takobinsa a kan katako nesa da bango da ƙasa, a ɗaura wa kowannensu lamba ɗaya da zaren auduga, a riƙa dubawa duk wata har damina ta wuce.